Sati na uku da duba fassarar na'ura: juya ta baya ya yaudare ni

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Wannan satin na ajiye dogayen jimloli na koma kan ƙananan maganganu irin na hira a waya, guda ashirin na gwada, kuma wallahi nan ne na'urar ta fi yin tuntuɓe.

Da can dabarata ita ce in fassara Hausa zuwa Turanci, sai in kwafi abin da ya fito in mayar da shi Hausa, idan ya dawo daidai in ce shi ke nan. Ashe yaudarar kaina nake yi. Ga wadda ta buɗe min ido, na rubuta ta yadda muke rubutawa da sauri: baki ci jarabawar ba? Karon farko ta ɗauki baki a matsayin bakin da ake magana da shi, abin da ya fito ba kai ba gindi, wannan kam ko yaro zai gane. Sai na raba, ba ki, ta ba ni "Didn't you eat the exam?" wato ta ɗauki ci na cin abinci, alhali haye jarabawa ake nufi. To da na mayar da wannan shirmen Hausa me ya dawo? Ba ka ci jarabawar ba? Tsaf kamar ba abin da ya faru, saboda hanyar da ta bi ta ɓata ita ta sake bi ta dawo. Kuma ku lura, ki ta koma ka, mace ta zama namiji a hanya, don "you" ɗin Turanci bai bambanta kai da ke da ku.

Yanzu ba na juyawa. Rufe Hausar nake yi, in karanta Turancin shi kaɗai in tambayi kaina, wa ke faɗa wa wa, kuma me zai amsa? Gaisuwa ma haka, ina gajiya ta fito kamar tambayar inda gajiya take, amsar da za a ba wannan kuwa ba za ta taɓa zama ba gajiya ba, nan take ka kama ta.

Kalmomin da nake ja wa layi tun kafin in danna su ne ci da sha, don sha iska da sha wahala da cin amana ba ruwansu da ciki, sai masu lanƙwasa da muke kasalar sakawa, kare da ƙare, kafa da ƙafa. Gari kuwa ko ka rubuta daidai ba ka tsira ba tunda ba ma rubuta tsawon wasali da karin sauti, sai dai ka ƙara kalma ɗaya da za ta nuna wanne kake nufi.

Sati mai zuwa habaici zan gwada, irin su sannu da aiki da ake faɗa wa wanda ya yi ɓarna.