Inda na kai da dokar hannun dama: tayar keke

'Yan'uwa masu koyon fiziks, a wannan makon na ajiye zanen littafi na koma kan tayar gaba ta keke, domin a nan ne dokar hannun dama ta zauna mini. Saurin juyawa (ω), ƙarfin murɗawa (τ) na birki da momentom na juyawa (L) duka kibiyarsu kan layin aksil take kwanciya, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai. Aikin hannun dama shi ne ya gaya maka wane ɓangare kibiyar ta nufa.

Ka tsaya a bayan keken kamar za ka hau, wani ya ɗaga maka tayar gaba ya juya ta kamar ana tafiya gaba. Lanƙwasa yatsu huɗu na hannunka na dama su bi yadda tayar ke zagayawa: sama ta nufi gaba, ƙasa ta dawo baya. Babban yatsanka zai nuna hagu. Can ω ta nufa. Kada ka dogara da "irin tafiyar agogo", domin wanda ke tsaye a dama zai ga tayar tana bin agogo, na hagu kuma ya ga akasin haka. Amma kowannensu ya ɗaga hannun dama, babban yatsa wuri ɗaya zai nuna.

Na sa alli a jikin taya don in ƙirga zagaye. A ce zagaye 2 take yi a sakan ɗaya, to ω = 2 × 2π, kusan radiyan 12.6 a sakan. Idan nauyin tayar kilo 1.5 ne kuma muka ɗauka duk a baki yake, mita 0.3 daga aksil, ma'aunin wuyar juya ta, wato I = mr², ya ba da 0.135. Sai L = Iω ya zama kusan 1.7, shi ma hagu ya nufa, tunda taya ce mai daidaito tana juyawa a kan aksil ɗinta.

Ƙarfin murɗawa ya fi bukatar natsuwa, saboda abu biyu ake haɗawa: τ = r × F. Kibiyar r tana tashi daga aksil zuwa inda ƙarfin ya taɓa. Robar birki a saman taya take kamawa, don haka r sama ta nufa. Saman taya gaba yake gudu, roba kuwa baya take jan sa, wato F baya ta nufa. Miƙe yatsunka sama, ka lanƙwasa su zuwa baya, wajen ƙirjinka. Babban yatsa ya koma dama, kishiyar L, shi ya sa tayar ke rage gudu. Idan robar na ja da niwton 10, τ = 0.3 × 10 = 3, kuma 1.7 a raba da 3 ya nuna tayar za ta tsaya cikin rabin sakan da ɗan wani abu. Nan ne ma'aunin gane kuskure: in lissafinka ya ce birki ya ba da τ ta hagu, to ka fara da F kafin r, ko kuwa biro na hannun dama sai ka yi aikin da hagu ba ka sani ba. A ɗakin jarrabawa wannan na biyun yana cin mutane.

Noti ma haka yake. Juya shi yadda yatsu suka lanƙwasa, zai tafi inda babban yatsa ya nuna. Fedar hagu ta keke ce ta saɓa, zarenta na hagu ne, duk mai gyaran keke ya san da haka.

Gwajin da na fi jin daɗinsa shi ne na igiya. Na cire tayar, na ɗaura igiya a ƙarshen aksil na dama, na juya ta da ƙarfi L tana nuna hagu, sannan na saki. Ba ta kife ba. Daga igiya zuwa tsakiyar taya r hagu ta nufa, nauyi kuma ƙasa yake ja. Yatsu hagu, a lanƙwasa ƙasa, babban yatsa ya nuno ni. Wannan τ ba ta ƙara wa L tsawo, ba ta rage mata, gefe kawai take jan kanta. Sai ga aksil yana zagaye igiyar a hankali, ƙarshensa na hagu yana tahowa wajena. Da na juya tayar ta baya, zagayen ya koma ɗaya ɓangaren.

In za ku gwada, ku juya tayar sosai. Da gudunta ya ragu, L ta ƙanƙance, zagayen ya ƙara sauri, tayar ta fara sunkuyawa.