Yadda nake bayyana wa sabon mai koyo dalilin da waya ke nauyi idan ta cika

Duk wanda ya kawo mini waya yana kukan ta yi nauyi, kafin mu goge komai nakan sa shi ya buɗe Settings da hannunsa, ya shiga Storage, ya karanto mini lambobin da ya gani. Zan bi misalin wata waya da na yi wannan bayani a kanta: a jikin kwalinta an rubuta 4 GB da 64 GB, a allo kuma ta nuna cewa abin da ya rage bai kai 2 GB ba.

Abu na farko shi ne raba waɗannan lambobi biyu, domin mutane duka suna kiransu memori. Tambaya ɗaya nake yi: idan ka kashe wayar ka kunna, me ke nan, me ya tafi? Hotuna, saƙonni da manhajoji suna nan, saboda suna zaune a ma'ajiya, wato 64 ɗin. Lissafin da ka fara a kalkuleta ba ka gama ba, ko wasan da kake tsakiyarsa, yana iya tafiya, saboda a RAM yake, wato 4 ɗin, wurin aiki mai sauri da ba ya riƙe komai sai da wuta. Daga nan mai koyo yakan gane da kansa cewa goge bidiyo ba ya ƙara RAM, kuma rufe manhajoji ba ya samar da fili a ma'ajiya. Nakan kuma nuna masa cewa 64 ɗin ba nasa ba ne duka, tsarin wayar kansa ya riga ya ci wani kaso tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

Yawancin masu koyo suna zaton fayiloli nauyi ne da wayar ke ɗauke da shi, ko kuma tana wahalar lalubo abu cikin tarin kaya. Wannan zato ne nake fara cirewa. Karanto hoto daga ma'ajiyar da ta cika kusan daidai yake da karanto shi daga wadda ba kowa. Abin da cikar ke ragewa sauri shi ne rubutu. Kuma waya ba ta daina rubutu: kowane saƙo da ya shigo, kowane shafi da aka buɗe, kowane ƙaramin hoto da ke bayyana a jerin hotuna, sai an rubuta wani abu a ma'ajiya.

A nan nake daɗewa, don nan ne ainihin maganar. Ma'ajiyar waya da ta sababbin kwamfutoci tana da wata ƙa'ida: ba a rubutu a kan wurin da aka riga aka rubuta sai an goge shi, kuma ba a goge ɗan ƙaramin wuri shi kaɗai. Nakan ce masa ya ɗauka littafin rubutu ne da ake cika shi layi-layi, amma ba a iya goge layi ɗaya sai dai a goge shafi gaba ɗaya. Idan ka share fayil, layukansa ba sa gogewa nan take, alama kawai ake sa musu cewa ba su da amfani.

Sai in ba shi lissafi. A ce shafi ɗaya yana da layi 256. A wayar da rabinta fili ne, akwai fararen shafuka a jere suna jira, don haka sabon rubutu kai tsaye yake sauka. A wayar da ta kusa cika, fararen shafuka sun yi ƙaranci. Na'urar da ke kula da ma'ajiyar sai ta nemi shafin da za ta goge, amma mafi kyawun da ta samu yana da layi 240 masu amfani, 16 kawai ne matattu. Dole ta kwafe 240 ɗin zuwa wani wuri, ta goge shafin, sannan ribar da ta ci layi 16 ce. Ta yi aikin rubuta layi 240 don ta samu wurin 16, kuma duk wannan lokacin manhajarka tana tsaye tana jira. Wannan jiran ne mutum yake gani idan kyamara ta ɗan daskare bayan ɗaukar hoto, ko saƙo ya yi jinkirin bayyana. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan lissafi a takarda bai gane ba.

A kwamfuta akwai ƙarin dalili: idan RAM ta cika, tsarin yakan ari wani sashe na ma'ajiya ya zuba abin da ya yi yawa. In babu filin ara, manhajoji su fara sandarewa ko rufewa. Sabunta manhaja ma yana neman fili fiye da girman da aka rubuta, domin sai an sauke sabuwar an warware ta alhali tsohuwar tana nan. Shi ya sa mutum zai ga yana da 500 MB amma sabuntawar 200 MB ta ƙi shiga.

Bayan ya fahimta muke sharewa, kuma daga manya muke farawa. A wayar nan bidiyo ne suka ci kaso mafi girma, mafi yawansu waɗanda manhajar hira ta sauke da kanta. Bidiyo ɗaya na minti kaɗan yana iya cin wurin hotuna da dama, saboda haka bin ƙananan hotuna ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. Muka kwashe waɗanda yake so zuwa kwamfuta, muka buɗe su a can muka tabbatar suna aiki, sannan muka goge. Muka kuma kashe saukar bidiyo kai tsaye.

Wurare biyu ne ake tuntuɓe. Na farko, mutum ya goge abu mai yawa amma lambar ba ta motsa ba. Dalili shi ne fayilolin sun koma Trash ko Recently Deleted, inda yawanci suke zama kwana 30, suna nan suna cin wurinsu sai an zubar da su daga can. Na biyu ya fi haɗari. A Android, a bayanan kowace manhaja akwai Clear cache da kuma Clear data ko Clear storage. Clear cache kwafin wucin gadi yake sharewa, ba a rasa komai, sai dai zai sake taruwa. Clear data kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta, har da fitar da kai daga asusunka, kuma abin da ba a ajiye a wani wuri ba ya tafi. Ina sa mai koyo ya karanta maɓallin da ƙarfi kafin ya danna.

Burin da nake ba shi shi ne ya bar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a fili, wato kamar 6 zuwa 10 GB a wayar 64. Ba doka ba ce, ƙiyasi ne da ke ba na'urar wurin juyawa. Nakan kuma gaya masa kada ya yanke hukunci nan take. Android tana sanar da ma'ajiya wuraren da aka share ne a wani aikin gyara da takan yi lokacin da wayar ke ajiye ba a taɓa ta, galibi tana kan caji. Ya bar ta ta kwana a caji, ya gwada washegari.

Akwai iyakar da nake faɗa a fili, don kada ya yi ta goge hotunan da yake so a banza. Amfanin yana tsakanin cikakkiyar ma'ajiya da mai ɗan fili ne. Wayar da ke da 20 GB a fili ba za ta ƙara sauri don an mayar da shi 30 ba. Idan akwai fili mai yawa kuma nauyin yana nan, sai a duba wani wuri: manhajoji su riƙa farawa daga farko duk sanda aka koma kansu alamar ƙarancin RAM ce, nauyin da ke zuwa tare da zafi na nufin wayar ta rage gudun kanta don ta huce, idan kuwa shafukan intanet ne kaɗai ke jinkiri, sabis za a fara dubawa.