TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 7: Ranar da Hajiyarsa ta ji shekaruna

To jama'a, makon jiya mun tsaya inda saurayin da ke neman aurena ya tafi gida zai faɗa wa Hajiyarsa gaskiya, ni shekarata 37 da yara biyu, shi kuma 26, ko auren fari bai yi ba. Wallahi sai da na ce masa kar ya tunkare ta da kansa, ya bi ta hannun Baffansu tunda mahaifinsu ya rasu shi ne uba, amma ina, zumuɗi bai bar shi ba, ya same ta bayan magariba ko lazimi ba ta ƙarasa ba ya zazzage mata komai. Wai carbin ta ajiye ta ce, "Sa'ar yayarka ce fa. Ko dai shanye ka ta yi?"

Kafin kwana uku magana ta zaga dangi. A majalisarsu abokai suka ce shagon atamfata na Kantin Kwari ya hango, nawa ƙawayen kuma suka dinga ce min zan yi rainon miji. Waɗannan ban tanka musu ba, dariya kawai nake yi, duk da idan na koma ɗaki abin yana cina.

Yayana da yake waliyyina bai ma tsaya kan shekaru ba. Ya kira shi ya tambayi sana'arsa da inda zai ajiye ni, sannan ya ce, "Malam, yaran nan biyu fa, ka shirya?"

Da Baffa ya je wajen Hajiya ya fara kawo mata zancen Nana Khadija da ta girmi Manzon Allah (SAW), sai ta katse shi ta ce ai ita ma ta je islamiyya, ba ta ce haramun ba ne. Baffa dattijo ne mai haƙuri, ya yi shiru ya bar ta ta yi ta faɗa har ta fito da ainihin abin da ke ranta, ashe tsoronta kar haihuwa ta tsaya min ba ta ga jikoki ba, sannan kar ya tare a gidana in dinga juya shi kamar waina tunda na fi shi abin hannu.

Haihuwa ta Allah ce, ba ni da alkawarin da zan yi. Amma ɗayan da sauƙi. Na sa haya a gidana, shi ya kama mana ɗaki biyu da falo da guminsa, sadakin ma na rantse ba zan ƙara masa ko sisi ba, kuma Baffa ne ya kai mata labarin ba mu ba.

Sati biyu shiru. Ranar Juma'a sai ga Gwaggonsa a shago, ta zauna ta ɗaga atamfa kusan goma ba ta sayi ko ɗaya ba, da za ta tashi ta ce, "Hajiya na son ganinki jibi, ke kaɗai." Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.