Shekara a sama, zango huɗu a ƙasa: inda lissafin jadawali yake ɓacewa

Ni nake rubuta wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar hatsi a nan Maradi rahoton cinikinsu: buhun wake nawa, na gero nawa, na gyaɗa nawa suka fita a kowane wata uku. Dattawan ƙungiyar suna son jadawali irin wanda ido yake ganewa nan take, wato shekara a sama ta shimfiɗu kan ginshiƙai huɗu, T1 zuwa T4, wato zangunan wata uku-uku, a ƙarƙashinta, sai shekara ta gaba ta biyo da nata huɗun. Gaskiyarsu ne. Da ka rubuta shekarar sau takwas a jere, kan jadawalin cunkushewa yake yi, mai karatu ya rasa inda wannan shekara ta ƙare waccan ta fara.

Fayil ɗin da aka miƙa mini haka aka tsara shi a Excel. An haɗe gidaje daga B1 zuwa E1 da maɓallin Fusionner et centrer aka rubuta 2023, daga F1 zuwa I1 aka rubuta 2024. Layi na biyu zanguna ne, na uku kuma wake. A 2023 waken ya fita buhu 120 a T1, 80 a T2, 60 a T3, sai 240 a T4, lokacin kaka. Ko da ka ne mutum zai tara ya samu 500. Amma gidan taƙaitawa da ke gefen jadawalin 120 yake nunawa, kuma ma'aji ya kira ni a kan haka.

"Malam, ko dai na'urar nan ta cinye mana buhu 380?"

"A'a Alhaji, buhunanku suna nan. Kan jadawalin ne bai san su ba."

Ga fomular da ke wurin, wadda masu Excel na Turanci suka sani da SUMIF:

```
=SOMME.SI($B$1:$I$1;2023;B3:I3)
```

Ma'anarta ita ce a duba layi na ɗaya, duk ginshiƙin da aka ga 2023 a kansa a tara abin da ke ƙasansa. Fomular ba ta da laifi. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka haɗe gidaje huɗu, rubutun yana zama a gidan farko na hagu kaɗai, wato B1. C1 da D1 da E1 suna nan ba su gushe ba, amma babu komai a cikinsu. Ido yana ganin 2023 ta rufe ginshiƙai huɗu kamar rumfar da ta yi wa shaguna huɗu inuwa, alhali wajen lissafi ginshiƙi ɗaya ne tak yake da shekara. Shi ya sa T1 kawai aka tara. Wanda yake son ya tabbatar, ya je wani gida daban ya rubuta =C1, zai ga sifiri ya fito. Alamar ciwon kuma ba ta ɓuya: duk lokacin da jimlar shekara ta zo daidai da adadin zangon farko, kan jadawali za ka duba tukuna kafin ka zargi magatakarda.

Akwai waɗanda suke cewa a bar haɗe gidaje a koma ga Centré sur plusieurs colonnes, wanda ake samu a Format de cellule, ƙarƙashin Alignement, a zaɓin Horizontal. Ni ma shi nake amfani da shi, domin yana kawo shekarar tsakiya ba tare da ya manne gidajen ba. Kana iya jan linzami ka zaɓi ginshiƙi ɗaya bai fizgo maka sauran ukun ba, kuma jera layuka ba ya tsayawa da ƙorafin gidajen da aka haɗe. Sai dai bai magance 120 ɗin nan ba ko kaɗan, tunda har yanzu B1 ne kawai ke ɗauke da shekarar.

Abin da na yi shi ne raba kan jadawalin gida biyu, na mutane da na lissafi. Layi na ɗaya na bar shi don ido. Na saka sabon layi na biyu, na rubuta 2023 a B2, C2, D2, E2, kowane gida da tasa, na rubuta 2024 daga F2 zuwa I2. Zanguna suka sauka layi na uku, wake ya koma na huɗu, fomular ta zama:

```
=SOMME.SI($B$2:$I$2;2023;B4:I4)
```

Nan take 500 ta fito. Daga nan na ɓoye layi na biyun da Masquer. Ɓoyewa ba ta hana wannan fomula ganinsa, a takarda kuma ba ya fitowa. Na dai bar ɗan bayani a gefe cewa akwai ɓoyayyen layi, don wanda zai gaji fayil ɗin kada ya ƙara ginshiƙi ya bar gidansa fanko.

Wurin da ya fi buƙatar hankali shi ne ginshiƙin jimla. Daga baya shugaban ƙungiya ya ce a sa jimlar kowace shekara kusa da T4, a ƙarƙashin kan shekarar, yadda 2023 za ta rufe ginshiƙai biyar. A ido daidai ne, don jimlar ta shekarar ce. Amma idan hannu ya saba ya rubuta 2023 a ɓoyayyen gidan wannan ginshiƙi, fomula za ta tara zanguna huɗu ta ƙara jimlarsu a kai, 500 ta koma 1000. Saboda haka wannan gida babu shekara a cikinsa, kalmar Jimla na sa. Idan ka ga adadi ya ninka biyu cif, nan za ka fara leƙawa.

Shekarar da ba ta cika ba kuwa, kanta ya rufe zangunan da ake da su kawai. In wata tara aka yi, ginshiƙai uku ne, kuma ina rubuta T1 zuwa T3 kusa da shekarar. In ba haka ba sai a gwada jimlar wata tara da ta wata goma sha biyu a ce ciniki ya faɗi, alhali zangon kaka, wanda ya fi kowanne nauyi a harkar wake, bai ma shigo ba.

Saura bugawa a takarda. Da shekaru suka kai uku, jadawalin ya fi faɗin A4 ko an kwantar da ita, Excel kuma yana yankawa ne inda takarda ta ƙare, bai damu da inda shekara ta ƙare ba. Sai ka ga shafi na biyu ya fara da T3 da T4 babu shekara a kansu, ko rabin lambar ya rage a shafin baya. Na sa yankan shafi da hannu daidai iyakar shekara, ta Sauts de page. A Imprimer les titres kuma na sa $A:$A a Colonnes à répéter à gauche, don sunayen kaya su bi kowane shafi, da $1:$3 a Lignes à répéter en haut, don kan jadawalin ya sake fitowa idan layuka suka zarce shafi ɗaya. Na kuma ja layi mai kauri tsakanin T4 da T1 na shekara mai biyowa, daga sama har ƙasa, domin mai karanta layi na talatin ya yi nisa da kan jadawali, wannan layin ne yake nuna masa inda sabuwar shekara ta fara.