Hatimin na gaske ne, ginin ne ya saɓa

Gidan yana Kaduna, bene ne da aka kai linta a hawa na sama. Mai ginin yana neman kuɗin ƙarasawa, ni kuma ina neman muhalli. Dillali ya ajiye mini takardar shaidar mallakar fili, ya ce: "Alhaji, takardu sun cika." Na ba da kafin alƙalami.

Takardar mallaka fili kawai take tabbatarwa. Izinin gini abu ne daban, kuma a Kaduna hukumar KASUPDA ce ke bayar da shi: takardar amincewa mai lambar fayil, rasit na biyan kuɗi, da zanen ginin da hukumar ta buga wa hatimi. Da na nemi waɗannan, mai ginin ya kawo su ba gardama. Na kai lambar fayil ɗin ofishin hukumar da ƙafata, aka tabbatar mini izinin nasu ne. A KADGIS ma, hukumar rajistar filaye ta jihar, sunan mai fili da lambar fuloti sun yi daidai. Har na fara lissafin fenti.

Wani abokina injiniya ne ya ce mu je wurin da zanen a hannu da tef ɗin awo. Yana buɗe zanen ya dube ni. Abin da aka amince da shi gidan ƙasa ne mai ɗaki 4, babu matakala, babu shafin da ke nuna ƙarafan ginshiƙai da na kankaren da zai ɗauki bene. Bene fa ga shi tsaye a gabanmu! A zane an bar mita 3 tsakanin bangon baya da katanga, da muka auna bai kai mita guda ba, don an cusa ɗakin baƙi a wurin.

Wato izinin na gaske ne, amma na wani gini ne da ba a yi ba. Duk abin da aka ƙara ba shi da izini, kuma ranar da aka zo aka shafa jan fenti a bango, wanda ke cikin gidan za a tarar, ba wanda ya sayar ba. Abin da ya fi tayar wa abokina hankali shi ne harsashin: in don gidan ƙasa aka zuba shi, wa ya lissafa nauyin bene a kansa?

Mai ginin ya ce ai kowa haka yake yi, daga baya a gyara takarda. Na ce to ya gyara tukuna, ya kawo sabon zane mai hatimi, da sa hannun injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a shafin ƙarafa, sannan mu yi maganar cikon kuɗi. Bai kawo ba.

Kafin alƙalamina rabi kawai ya dawo, shi ma sai da dattawa suka shiga tsakani. Dillalin kuwa har yau yana gaya wa mutane wai ni na ɓata ciniki.