Tsakanin Wayar Manaja da Allon Sanarwa

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofis in bar kamfanin robobin da nake wa aikin sakatariya a Sharaɗa. A takardar miƙa aiki na rubuta komai, har inda ake ajiye tawadar firinta. Abin da bai shiga takardar ba shi ne aikin da ya fi ci mini rai, wato ɗaukar saƙon da manaja ya turo ta WhatsApp cikin Ingausa, rabi Hausa rabi Turanci, in mayar da shi sanarwar da za a liƙa a allon bakin ƙofa. Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka fassara ce. Fassarar ba ta cin minti goma. Wahalar tana wajen gano abin da mai saƙon ya yanke, domin sau da yawa shi kansa bai gama yankewa ba, gaurayen harshen ne yake rufa masa asiri.

Ga wanda ba zan manta ba. Wata Litinin cikin azumi, 10 ga Maris, wannan ya shigo wayata:

"Pls a sanar da staff, next Friday babu aiki after 12, amma night shift su shigo as usual. Wanda bai zo ba za a yi deducting. Overtime za mu duba."

Duk wanda ya karanta zai ce ya gane. Ni ma na gane, irin ganewar hira. Amma da na zauna zan rubuta shi da Hausa zalla sai na tarar kusan kowace kalmar Turanci a ciki rami ce da aka rufe da tabarma.

Na fara da ranar. Bahaushe yana da Juma'a mai zuwa, yana da Juma'a ta sama, kuma ba ya rikita su. Turancin da manaja ya yi amfani da shi kuwa yana ɗaukar duka biyun, ya danganta da bakin da ya fito. Ko dai 14 ga wata, ko 21. Hausa ba za ta bar ni in tsaya a tsakiya ba, dole in zaɓi ɗaya, kuma zaɓin ba nawa ba ne.

Sai su waye ake nufi. A kamfani irin namu, in aka ce "staff" ana nufin masu takardar ɗaukar aiki da albashin wata. 'Yan aikin yini, waɗanda ake biya ranar Asabar gwargwadon kwanakin da suka shigo, ba sa cikin wannan suna, kuma su ne suka fi yawa a wajen lodi da ɗaurin kaya. Idan na rubuta "ma'aikata" na haɗa kowa. To wanda ake biya da yini, in aka tashe shi ƙarfe 12, kuɗin yini cikakke zai karɓa ko rabi? Saƙon bai ce komai ba. Tambayar da za a fara yi a gaban allo ke nan kuwa, tun kafin gam ya bushe.

Na uku shi ne wanda ya fi saurin kayar da sabon shiga. Masu aikin dare su shigo, to wane dare? Idan ka rubuta "daren Juma'a", dattawan da ke kan injina za su fahimci daren Alhamis wayewar Juma'a, domin a lissafinmu dare ne ke gaba da yini. Haka muke cewa daren Sallah, kuma kowa ya san daren da ya gabaci ranar idi ake nufi. Matasan da suka saba da kalandar boko kuma za su ɗauka Juma'a bayan magariba. Kalma ɗaya, mutane biyu, kwana biyu daban. Maganinsa tsawo ne kawai: "ranar Juma'a da daddare, wayewar garin Asabar". Ba shi da daɗin ji, amma ba wanda zai zo a daren da ba nasa ba.

Batun cire kuɗi kuma ya wuce harshe. Ƙin biyan mutum kuɗin ranar da bai yi aiki ba abu ne daban, cin sa tara daga albashinsa abu ne daban. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974, a sashe na 5, ta taƙaita irin kuɗin da mai kamfani zai iya cirewa daga ladan ma'aikaci, kuma tara ba ta cikin abin da zai yanke don ganin damarsa. A waya, kalmar tsoratarwa ce kawai. A takarda mai tambarin kamfani, hujja ce da wakilin ma'aikata zai ɗauki hotonta ya ajiye. Haka ma "za mu duba". A baki kowa ya san ma'anarta, wato kada ka sa rai sosai. A allo kuwa alkawari ce, bayan sati biyu za a zo ofishina a ce, Malama, an duba ɗin?

Na tura masa tambayoyina a rubuce, cikin ladabi. Ya mayar mini da hoton babban yatsa. Bayan azahar na tare shi a baranda, yana waya yana tafiya.

"Ranka ya daɗe, Juma'ar nan ta 14 ce ko ta 21?"

"Malama, ke dai kin cika tambaya. Ta satin nan mana. Ki rubuta kawai."

"'Yan aikin yini fa?"

"Kowa da kowa. A biya su cikakke, azumi ne."

Na rubuta. Na cire batun cire kuɗi da na ƙarin lokaci gaba ɗaya tunda babu hukunci a kansu, na kuma sanar da shi a saƙo cewa na cire. Ga abin da ya hau allo:

"SANARWA. Ana sanar da dukkan ma'aikata, na dindindin da na yini, cewa ranar Juma'a, 14 ga Maris, za a tashi daga aiki da ƙarfe 12 na rana. Za a biya ma'aikatan yini kuɗin yini cikakke. Masu aikin dare za su shigo a lokacin da suka saba, ranar Juma'a da daddare, wayewar garin Asabar. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin manajan ma'aikata."

Har yau ban ga abin gyara a cikinta ba. Ranar Juma'a ƙarfe 12 mutane suka wanke hannu suka tafi masallaci, daga can kowa ya wuce gida. Ƙarfe 2 tirela ta iso ɗaukar kaya, babu mai lodi ko ɗaya. Ashe ranar 21 manaja ya faɗa wa mai kamfani. Da aka kira shi sama, sai ya buɗe waya ya nuna saƙonsa, ya ce ai ga shi ƙarara, Juma'a ta sama ya rubuta, sakatariya ce ba ta jin Turanci. Maganar baranda kuwa ya ce bai tuna an yi ta ba. Ni aka ba takardar tuhuma, tana nan a fayil ɗina, da sa hannunsa, sa hannun da sanarwar ba ta samu ba. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ko da wasa. Washegari ma ya turo wani saƙon, da irin Ingausar.

Ba na zargin Ingausa. Ni ma ita nake yi da ƙawayena, kuma tana da sauri. Abin da na lura shi ne a bakin shugaba, wurin da ya sauya harshe galibi shi ne wurin da bai so a riƙe shi. Gaisuwa da umarni suna zuwa da Hausa, amma rana, kuɗi da hukunci sai su zame zuwa Turanci. Tun daga lokacin, in saƙo ya zo, kalmomin Turancin nake fara ja wa layi, in tambayi kowace ɗaya: wa, yaushe, nawa. Amsar baki kuma ba na karɓa. Nakan buga sanarwar, in kai masa da biro, in tsaya. In ya ce yana sauri, sai in ce, "Yallaɓai, allon ba ya sauri, zan jira." Ya fi sau ɗaya yana karantawa sai ya ce a'a, ba haka yake nufi ba, ya sauya ranar da hannunsa. Waɗannan takardun ma na ajiye su.

Wani kuskuren da masu irin aikina ke yi shi ne wuce gona da iri wajen tsarkake Hausar. Ofis, injin, manaja, direba, sito, albashi, duk sun zama namu, ba mai tuntuɓe a kansu. Na taɓa ganin sanarwar da aka ƙirƙiro wa janareta doguwar jimla don gudun kalmar aro, mutane suka tsaya suna tambayar juna wace na'ura ce aka sayo. Ma'aunina maigadinmu ne, dattijon da bai yi boko ba amma rediyo ba ya barin kunnensa. Nakan karanta masa da ƙarfi, in ce, "Baba, me ka ji?" In ya maimaita mini rana da lokaci da wanda abin ya shafa daidai, takarda ta yi. Hausar labaran rediyo ita ce matakin da ya dace da allo: ba ta majalisar shayi ba, ba ta ɗakin lacca ba.

Da yake akwai abokan aikin da ba sa karanta Hausa, takarda biyu nake yi, ɗaya Hausa ɗaya Turanci, kowacce da harshenta daga sama har ƙasa, a liƙa su gefe da gefe. Kafin liƙawa sai in bi lambobin da yatsa, domin in suka saɓa, kowa wadda ta fi masa daɗi zai riƙe.

Sauran ƙanana ne. A sa haruffa masu lanƙwasa, domin baki da baƙi ba ɗaya ba ne a sanarwar da ta shafi masu ziyara. "Ba za a" kalmomi uku ne, ba dunƙule ɗaya irin na waya ba. Kowane ƙarfe a bi shi da na safe, na rana ko na dare. "Don Allah" da "in sha Allahu" suna da wurinsu, amma ba sa maye gurbin kwanan wata. Kuma "za a" tana ɓoye mai aikatawa, don haka a ƙasa a rubuta ofishin da za a je, kada ya zama na sakatariya.

Wadda za ta gaje ni ta fara zuwa koyon aiki. Ranarta ta biyu saƙo ya shigo, an ce a tara mutane taro "first thing" gobe. Ta ce ai ƙarfe 8 ke nan. Na ce masu aikin dare ƙarfe 6 suke sauka, masu safe kuma a lokacin suke karɓa, ta tashi ta je ta tambayi manaja da biro a hannu. Ta dawo da ƙarfe 10.