Abin da lissafin benci da gado ya koya min kafin in ajiye aiki

Duk wanda ya riƙe littafin kuɗi a wajen kafinta ya san katako da ƙusa da gam da kuɗin hannu ba sa ba da wahala, kowane kaya ka san abin da ya ci. Rigimar tana wajen obahed, wato dizal, bil ɗin wuta, haya, gyaran inji, kuɗin mota, abubuwan da ba za ka iya nuna kaya ɗaya ka ce shi ya cinye su ba. A kan wannan muka raba gari da manajanmu, kuma har yau abin yana min ciwo.

Kaya iri biyu muke yi. Bencin makaranta, wajen 200 a wata, duk fasali ɗaya, sai gadon amare na oda, kamar 10 a wata, kowace uwar amarya da hoton da ta zo da shi a waya. Obahed ɗin wata ₦1,200,000. Tsarin da na tarar shi ne a raba kuɗin nan da awannin da yara suka yi aiki. Benci ɗaya awa 5, ka ga awa 1,000, gado ɗaya awa 20, awa 200, jimla 1,200, kowace awa ta ɗauki ₦1,000. Sai benci ya ɗauki ₦5,000, gado ₦20,000. Kayan aiki da kuɗin hannun benci ₦18,000 ne, a littafi ya tsaya ₦23,000. Na gado ₦250,000, ya tsaya ₦270,000, muna sayarwa ₦300,000, manaja kullum yana cewa gado ne ke riƙe da wajen nan.

Ni abin da ya fara damuna, watan da muka fi yin gado shi ne watan da ake rasa kuɗin dizal. Kuma a benci kowane ƙaramin shago yana karya mana farashi, amma a gado ba mai ja da mu, kwastoma ko tayi ba ya yi sosai. In ka ga kayanka mafi wahala shi ne littafi ke nuna ya fi riba, masu gasa da kai kuma sun bar maka shi salin alin, to ka binciki yadda kake rabon obahed.

Sai na ɗauko tsarin ABC, wato Activity-Based Costing, rabon obahed bisa ayyuka, da aka koya mana a makaranta, wanda Robin Cooper da Robert Kaplan suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1980. Maganarsa ba ta da wuya: kaya yana jawo ayyuka, ayyukan ne ke cin kuɗi, don haka ka kasa obahed gida gida bisa aikin da ya ci shi, kowane gida ka nemo abin da ke sa shi hawa ko sauka. Na ajiye littafi kusa da makunnin janareta, na roƙi mai kula da inji ya riƙa rubuta lokacin da ya kunna da na wane aiki ne, direba ma na ba shi nasa.

Dizal da wuta da gyaran inji sun ci ₦480,000, inji ya yi awa 240, kowace awa ₦2,000. Abin mamaki gado 10 ɗin nan sun ci awa 120, daidai da benci 200, saboda zanen fuskar gado da gogewa da feshi hawa hawa duk kan inji suke, benci kuwa yanka ne da haɗawa. Kowane ɓangare ₦240,000 ke nan.

Saitin inji shi ne wanda ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin kuɗi. Albashin mai saitin, wasa haƙoran zarto da sauya su, da katakon da ake ɓatawa wajen gwaji, sun kai ₦180,000. An yi saiti sau 36, kowane ₦5,000. Benci sau 6 kawai, don in an saita awo sai a yi ta yanka har a gama, gado kuwa sau 30, kowane da awonsa, wani ma ana tsaka da aiki za a bugo waya a ce a ƙara tsawon fuska. Benci ₦30,000, gado ₦150,000. Haka zirga zirgar mota, ₦240,000 a fita 30, kowace ₦8,000, benci fita 5 gado 25, a je awon ɗaki, a je neman irin yadi ko madubin da aka zaɓa, a kai, a koma ɗaurawa. Benci ₦40,000, gado ₦200,000. Sauran ₦300,000 na haya da maigadi da ofis ban samu abin da ke juya su ba, na bar su kan awannin aiki, ₦250 kowace awa, benci ₦250,000 gado ₦50,000.

Da na tara, benci ya ɗauki ₦560,000, wato ₦2,800 kowane ɗaya maimakon ₦5,000. Gado ya ɗauki ₦640,000, wato ₦64,000 kowane ɗaya maimakon ₦20,000. Jimlar tana nan ₦1,200,000, ko kwabo bai ƙaru ba, wanda ke ɗauka ne ya canza. Ashe benci ₦20,800 yake tsaya mana, gado kuma ₦314,000, duk gadon da ya fita a ₦300,000 mun yi asarar ₦14,000 muna murna. Kamar gidan haya ne da ake raba bil ɗin wuta ɗaki ɗaki daidai, mai ƙwai ɗaya da fanka yana biya wa mai firiza da hita.

A lokacin wata makaranta mai zaman kanta ta zo da kwangilar benci a ₦22,000. Na kai wa manaja takardar, na ce ranka ya daɗe akwai ribar ₦1,200 a kowane benci, kuma gadon nan ya kamata a ƙara masa kuɗi. Ko shafi na biyu bai buɗe ba, ya ce malam akanta, tun kana firamare muke wannan lissafin, abin da ya tsaya ₦23,000 za ka ce in sayar ₦22,000? Ya ƙi kwangilar, ya ƙaro odar gado, har da ragi ga masu sayen biyu. Da kuɗi suka ƙafe Alhaji mai wajen ya tambaya, sai aka ce masa akanta ne ya rikita littafi da lissafin boko. A gabana aka faɗa, takardar tana cikin durowar manaja, bai fito da ita ba. Ban yi musu ba, na miƙa wa Alhaji kwafi na rubuta takardar ajiye aiki.

Ban taɓa cewa a daina gado ba, kuma wannan ne mutane ke kuskurewa da ABC. In ka daina gado haya ba za ta ragu ba, mai saiti yana nan da albashinsa, ₦50,000 ɗin da gado ke ɗauka benci za ta koma wa. Abin da na nema a sa kuɗin awo da kai kaya daban, wanda ya canza zane bayan an saita inji ya biya saitin, a kuma tsayar da fasali uku ko huɗu a riƙa yanka su tare.

In kayanka duk iri ɗaya ne, ko obahed ɗinka kaɗan ne kusa da kuɗin katako, raba obahed da ma'auni ɗaya, kamar awannin aiki, ya ishe ka, kar ka wahalar da yara da rubutu. Gida uku zuwa huɗu sun isa ƙaramin waje, in suka yi yawa ba mai cike littafin da gaskiya. Farashin dizal in ya motsa ka sake lissafin awar inji a watan. Kuma duk takardar da ka kai wa oga ka sa kwanan wata, ka sa ya sa hannu ya karɓa, ka riƙe kwafinka.